Makin Rabi

Shekara biyu Malama Hadiza tana ajiye Rabi a bencin ƙarshe, ba ta taɓa kiranta gaban allo ba, domin ta riga ta yanke cewa yarinyar da ke tallan ƙosai da sassafe ba za ta iya lissafi ba.

A jarrabawar zango na uku, shugaban makaranta ya umarci a rubuta lambobi maimakon sunaye. Takarda mai lamba 27 ta samu maki 84, kuma da aka buɗe rajista sai ga sunan Rabi.

Malama ta ɗauko tsofaffin takardun yarinyar, ta tarar da amsoshi daidai waɗanda ta soke da jan biro ba tare da ta bi hanyar aikin ba.

Washegari ta miƙa mata alli ta ce, "Rabi, zo ki warware mana wannan."