Tunatarwa Kan Kuɗin Haya

Assalamu alaikum Malam Bello. Ya iyali, ya zafi?

Kan kuɗin hayar ɗaki ciki da falo da kake zaune a gidana na Mabera ne. Wa'adinmu ya cika, yau mako biyar ke nan, naira 180,000 ba ta shigo ba, kuma ban ji daga gare ka ba. Shirun nan ya fi damuna.

Na san kasuwa ta yi nauyi, kuma ban taɓa samun ka da rashin mutunci ba. Amma da kuɗin nan zan gyara rufin da ke yoyo kafin damina.

Don Allah ka kawo su nan da Juma'a mai zuwa. In duka ba za su samu ba, ka same ni gida bayan La'asar da abin da ya sawwaƙa, mu rubuta ranar cikon. Ba na son maganar ta kai gaban mai unguwa.

Na gode.
Alhaji Umaru