Jan Hankali ga Matan Gari Kafin Bukukuwan Kaka: Kasko, Kyandir da Wayar Wuta a Ɗakin Amarya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da ku 'yan matan amarya da ke can baya, Allah ya ba da ladan zama. Na roƙi Malama 'yan mintuna kafin a tashi karatu, domin an yi kaka, amfani ya shigo gida, kuma daga nan zuwa ƙarshen wata mai zuwa ɗaurin aure 7 ne a garin nan. Duka sun faɗo cikin hunturu, lokacin da iska ke kaɗawa, danga ta bushe ƙamas, harawa na jibge a kan rufi.

Bara a bikin 'yar ƙanwata, wata ƙawar amarya ta tsuguna za ta ƙara turare a kasko. Bakin mayafinta ya sauka kan garwashi ba ta sani ba, ana ta guɗa. Ina daga bakin ƙofa na ga wutar ta hau kafaɗarta kamar an ja ta da zare. Ta zabura za ta fita a guje, wata dattijuwa ta kayar da ita, ta danne ta da bargo. Allah ya kiyaye fuskar. Amma mayafin ya narke ya manne a wuyanta da dantsenta, sai da muka kwana 11 a asibiti, kuma har yau ba ta iya ɗaga hannun nan sosai. Yarinya ce mai shekara 17. Tun ranar na ce in Allah ya kai mu wata kakar ba zan yi shiru ba.

Ɗakin da aka jera mana a zamaninmu daban yake da na yanzu. Mu tabarma ce, da gadon ƙarfe, da zanen saƙi, da kwanukan jere. Ɗakin amaryar yau kuwa, ku duba da kyau: labule roba ne, ledar ƙasa roba, katifa da kujeru soso, furannin ado roba, wani ɗakin har silin ɗinsa. Haka mayafai da hijabai masu santsi, da yawancin leshi da yadin anko da ake sarowa a Kantin Kwari. Auduga in ta kama wuta toka take zama. Yadin roba narkewa yake yi, ya ɗiga, ya liƙe a fata yana ci gaba da ƙuna. Wadda ke son ta gane nata, ta zare silin zare ɗaya daga bakin yadin, ta fita tsakar gida ta kanga masa ashana. In ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri yana warin leda, to roba ne. In ya yi warin takarda ya murmushe a yatsa, auduga ce. Soson katifa kuma baƙin hayaƙi yake yi mai guba, sau da yawa shi ke kayar da mutum kafin wutar ta iso shi.

Ban ce a bar turaren wuta ba. Wace amarya za a kai ba ƙamshi? Amma kasko a ƙasa yake zama, a tsakiyar ɗaki, a kan faranti na ƙarfe ko tire da aka zuba wa yashi. Kada a ɗora shi kan kafet ko leda, kada a tura shi ƙarƙashin gado, kada a ajiye shi gindin labule don wai labulen ya kama ƙamshi. Wannan ɗabi'ar ta ƙarshe ita ta fi tayar mini da hankali, domin iska ɗaya za ta turo labulen kan garwashin. A bar tazarar kamu 2 tsakanin kasko da duk wani yadi. Masu turara kaya a kan kabbasa, garwashi kaɗan ya isa, kuma mai turarawar ta tsaya a wajen har ta gama. In za a turara jikin amarya, a ɗaura mata zanen auduga mai kauri, babbar mace ta zauna kusa da ita. Kwalbar turaren fesawa ba ta kusantar kasko, abin da ke cikinta kama wuta yake yi nan take.

Kyandir, in da hali, a haƙura da shi gaba ɗaya. Fitilar sola da cocila sun wadata, ko aro ne a yi. In ya zama dole, a kafa shi cikin kwanon ƙarfe mai faɗi da ɗan ruwa a gindi, nesa da taga. Ban da kan kofin roba, ban da kan madubi inda aka jera man shafawa, ban da gefen gado kusa da gidan sauro. Maganin sauro na kunnawa shi ma haka.

Sai fitilun ado masu walƙiya da samari ke zagaye labule da allon gado da su. Ƙwayayen ba su cika zafi ba, haɗin wayar ne abin tsoro: a fere waya da haƙori, a murɗe, a naɗe da ledar burodi, a cusa bayan labule. Ku gaya wa iyayen gida a kira mai gyaran wuta ya yi haɗin. Soket ɗaya kada ya ɗauki fanka da dutsen guga da abin ƙona turare na lantarki da cajin wayoyin 'yan biki duka. In kun taɓa soket kun ji ɗumi, ko kun ji ƙaurin roba, a zare komai. Janareto ya zauna a fili nesa da danga da rumfa, kuma ba a ƙara masa fetur sai an kashe shi ya huce, ko da mai kiɗa zai yi fushi.

Ga roƙona mafi girma. Kowane gidan biki a ware mace ɗaya, babba mai nutsuwa, a ce wuta a hannunta take. Gidan biki kowa na ganin wata ce za ta kula, shi ya sa ba mai kulawa. Ita za ta hura kasko, ita za ta fitar da shi, ita za ta hana yara wasa kusa da shi. Daren kai amarya, bayan sayen baki kowa ya watse, ita ce ta ƙarshen fita: ta juye garwashi a waje ta yayyafa masa ruwa, ta kashe kyandir, ta zare fitilun ado. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka gaya wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta.

In ƙaddara ta faɗa, wuta ta kama tufafin mutum, kada ya gudu, gudu hura ta yake yi. Ya kwanta ya kare fuskarsa da hannu ya yi ta birgima, na kusa su rufe shi da bargo mai kauri ko su zuba masa ruwa. Daga nan a riƙa kwarara ruwa mai tsabta a kan ƙunar har minti 20. A cire zobe da awarwaro kafin wajen ya kumbura. Yadin da ya manne kada a fizge shi. Ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja, ban da man goge baki ko baƙin mai. A rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. Wutar lantarki da ta fetur ba a watsa musu ruwa: a kashe layi tukuna, a zuba yashi. In wutar ta fi ƙarfinku, a fitar da mutane, a bar kayan ɗaki, kada kowa ya koma ɗauko akwati. A kira 112, amma kun san nisanmu da Ringim, kafin mota ta iso mu ne a wajen.

Saboda haka kowane gidan biki a ajiye bokiti 2 na ruwa da 1 na yashi a ƙofar ɗakin amarya tun ranar jere, kuma kada a toshe ƙofar da buhunan gara. Iyayen amare 7 ɗin nan, don Allah ku tsaya bayan addu'a, kowace ta faɗa mini wadda ta zaɓa ta riƙe mata wuta. Ranar Alhamis zan fara zagawa gidan bikin farko in ga inda aka ajiye kasko. Allah ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya, ya ba amare zaman lafiya a ɗakunansu. Wassalamu alaikum.