Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa da Ma'aunan da Ke Ɓoye Wanda Ya Biya

A watan Satumba na shekarar 2015 ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa, masu ƙananan manufofi 169, da nufin cim ma su zuwa shekarar 2030. Babu mai hankalin da zai ƙi kawar da talauci da yunwa, ko samar da ilimi da lafiya da ruwan sha. Inda gizo ke saƙar shi ne, an jera muradun kamar duk za su tafi kafaɗa da kafaɗa, alhali sau da yawa ana samun wani ne da jinginar da wani, kuma ma'aunan da aka tanada, waɗanda suka haura 230, ba a gina su don su nuna wanda ya biya kuɗin nasarar ba.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya isa misali. Muradi na 12 ya buƙaci ƙasashe su rage irin wannan tallafi, kuma ma'auninsa yana duban yawan tallafin ne idan an gwada shi da girman tattalin arzikin ƙasa, don haka a takarda Nijeriya ta matsa gaba. Amma manomin da ke noman rani a bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Bukuru da injin fetur yake jan ruwa, kuma da mota ake kawo dankalin Bokkos da Mangu cikin Jos. Da man ya tashi, sai kuɗin ban-ruwa da na mota suka hau kan abinci, magidancin da ya ƙare albashinsa a cefane ya jingine tukunyar gas, uwargida ta koma kan gawayi, buhunan gawayin kuwa daga daji suke fitowa. Ke nan mataki guda ya taɓa muradin talauci da na yunwa da na makamashi mai tsafta da na kare dazuzzuka. Abin lura, ita kanta manufar rage tallafin ta yi sharaɗin a kare talakawa daga raɗaɗin cire tallafin, sai dai ma'aunin bai ƙirga wannan sharaɗi ba. Wannan bai sa tallafin ya zama alheri ba, domin ya daɗe yana lashe kuɗin da ya kamata su je asibiti da makaranta.

Kuzar ma tana da nata tufka da warwara. Da ita ake yin dalmar da ke haɗa wayoyin na'urori, har da farantan hasken rana da duniya ke dogaro da su wajen rage hayaƙi, amma ramukan da ake haƙa don samo ta suna cin gonaki, suna kuma janye yara daga aji.

Wasu ma'aunan kuwa ko a kan abin da suke aunawa ba su da ƙarfi. Na wutar lantarki yana ƙirga kason jama'ar da wuta ke kai wa gare su, ba tare da ya bambanta gidan da ke samun awa 20 da wanda ke ganinta sau biyu a mako ba. Mai walda a unguwar Dilimi ta Jos da ke yini da janareta yana cikin waɗanda lissafi ya ce sun samu. Haka na rashin aikin yi: a ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 33.3 cikin ɗari ne, a farkon 2023 ya koma kashi 4.1, ba don an buɗe masana'antu ba, sai don an koma ga tsarin ƙasa da ƙasa, wanda ke ɗaukar duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Hukumar ba ƙarya ta yi ba, amma alƙalamin ya dace da ƙasashen da ake biyan marasa aiki alawus, ba da ƙasar da zaman banza ke nufin kwana da yunwa ba.

Akwai gyaran da ya yi amfani. Binciken talauci mai fuskoki da yawa da hukumar ta fitar a 2022 ya duba lafiya da ilimi da muhallin zama da tsaro maimakon kuɗin shiga kawai, ya kuma gano mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari, cikin talauci. A ganina irin wannan hanya ya kamata a bi: a riƙa fitar da alƙaluma ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, domin matsakaicin lissafin jiha kamar Filato yana haɗa unguwar masu hali ta Rayfield a Jos da ƙauyukan ƙaramar hukumar Wase a buhu ɗaya, sannan duk rahoton da ya ambaci nasara a muradi guda ya faɗi abin da ta jawo wa sauran. Ko wannan ma ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai an san yawan mutanen da ake raba lissafin a kansu, ga shi rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun shekarar 2006.