Buhun Gero Ɗari a Kasuwar Mai'adua

An tashi daga darasi a wata sakandare a Daura. Sagir ya bi Malam Kabir zuwa gindin darbejiya.

Sagir: Allah ya gafarta Malam, wani abu ya ɗaure mini kai. Tunda Babban Banki ne ke buga naira, me zai hana ya buga da yawa a raba wa kowa, talauci ya ƙare?

Malam: Zauna. Mahaifinka yana cin kasuwar Mai'adua ran Lahadi, ko?

Sagir: Ƙwarai, hatsi yake saro wa.

Malam: To mu ce buhun gero ɗari aka kawo, masu saye kuma jimillar kuɗinsu naira miliyan biyar. Nawa buhu zai kama?

Sagir: Dubu hamsin.

Malam: Da dare sai aka ninka kuɗin aljihun kowa. Da safe buhu nawa ne a kasuwa?

Sagir: Ɗari dai.

Malam: Ka gani. Wannan ya taya dubu sittin, wancan ya ce saba'in, mai gero ya ce albarka, har buhu ya kai dubu ɗari. Kowa ya koma gida da geron da zai saya tun farko. Wannan shi ne hauhawar farashi.

Sagir: Ashe ba a ci riba ba, ba a faɗi ba.

Malam: An faɗi, Sagir, kuma nan ne abin ke yi mini ciwo. Sabon kuɗi ba ya isa hannun kowa lokaci guda. Wanda ya fara karɓa yana saye a tsohon farashi. Ɗan fansho, da mai albashi, da gwoggonka da ta shekara tana zubin adashi, su ne za su tarar kuɗinsu ya zama rabi. Zimbabwe ta buga takardar dala tiriliyan 100, daga ƙarshe a 2009 mutane suka koma ciniki da kuɗin wasu ƙasashe.

Sagir: Amma Malam, farkon 2023 da aka canza kuɗi, takarda ta yi wuya, mun sha wahala. Baba ya kasa sayen ko buhu ɗaya. Ai ƙarancin ma masifa ne.

Malam: Madalla da wannan tambaya. Gaskiyarka. Kasuwa tana buƙatar kuɗin da zai ishi ciniki, kuma dole a riƙa sauya tsofaffin takardu. In manoman rani na dam ɗin Sabke suka ƙara noma, buhu ɗarin nan ya zama ɗari biyu, ƙarin kuɗi ba zai tada farashi ba, don akwai kayan da zai saya. Matsalar ita ce kuɗi ya riga kaya yawa.

Sagir: Shi ya sa jakar sefa ke tsada kenan?

Malam: Yana cikin dalilan, amma ba shi kaɗai ba. Ka tambayi mahaifinka nawa yake sayen jaka shekara goma baya, da nawa take yanzu. Ka kawo mini ran Litinin, mu lissafa a allo.