An Riga An Yanka

A makon farko na watan Mayun 2023 ne Nura ya fara hawa benen shagon Alhaji Sabo a Kantin Kwari, da kwamfutarsa a jakar goyo, bayan kawunsa ya shaida wa Alhajin cewa akwai ɗan ƙanwarsa da ya gama karatun kwamfuta yana zaune babu aiki. Alhaji ya karɓe shi a kan dardumar da ke tsakanin tulin atamfa da na shadda, ya sa aka kawo masa ruwan sanyi, sannan ya yi bayanin buƙatarsa cikin jimla biyu: yana son manhajar da za ta nuna masa kayan da suka shigo sito da waɗanda suka fita, kuma yana son ta kammalu kafin Babbar Sallah.

"Wannan abu ne mai sauƙi, ranka ya daɗe," in ji Nura. "Mako shida ya ishe ni."

Suka daidaita a kan naira dubu 350, aka ba shi dubu 100 kafin alƙalami. Babu takardar da aka rubuta, domin a ganin Nura rashin kunya ne yaro kamarsa ya nemi abokin kawunsa ya sa masa hannu, kuma shi kansa Alhajin ya ce a kasuwar nan da baki ake cinikin miliyoyi. A daren nan, a ɗakinsa da ke Ɗorayi, Nura ya buɗe kwamfuta ya aza tubalin farko na rumbun bayanai:

```sql
CREATE TABLE kaya (
  suna TEXT,
  adadi INTEGER,
  farashi INTEGER
);
```

Suna, adadi da farashi. Bai ga abin da zai rage ba.

Bayan mako biyu ya koma da abin da ya gina. Alhaji ya yaba da launin, ya sa aka ƙara girman rubutun, sannan ya kira akawunsa Malam Habu, dattijon da ya fi shekara ashirin yana riƙe da littafin shagon, ya ce ya gwada. Malam Habu ya gyara tabarau ya tambayi inda zai rubuta cewa an fasa dila ɗaya, an fitar da turmi huɗu, kuma an yanki yadi biyu da rabi daga wata shadda. Nura ya yi shiru. Duk lissafin da ya gina a kan cikakken adadi yake tafiya, bai san da rabi ba, bai kuma san cewa kaya ɗaya yana shigowa a dila, ya zauna a turmi mai yadi shida, ya fita a yadi ba. Alhaji ya ce ai wannan ɗan gyara ne, kuma ya ɗauka duk wanda aka haifa a Kano ya san haka.

Ɗan gyaran ya cinye kwana tara, domin sai da aka warware kusan duk abin da ya dogara da wancan ginshiƙi na adadi. A cikin kwanakin ne aka cire tallafin man fetur, kuɗin da Nura yake kashewa a janareta idan babu wuta ya ninka, kuma kafin alƙalamin ya fara narkewa tun aikin bai kai rabi ba.

Ranar da ya kai gyaran, Alhaji ya tuna da bashi. Mafi yawan masu sarinsa ba sa biya nan take. Suna ɗaukar kaya, su kawo wani abu bayan mako biyu, su ƙara ɗaukar wani a kan ragowar. Manhajar da ba ta san wanda ake bi ba, in ji shi, ba ta san kasuwa ba. Nura ya gina sashen bashi. Da aka gwada, sai ya bayyana cewa farashin ma ba ɗaya ba ne, domin akwai na mai sari, akwai na mai sayen ɗaiɗai, akwai kuma na mutanen da Alhaji yake kira "namu", wanda ba ya rubuce a ko'ina sai a zuciyarsa. Daga nan aka gano cewa sabis ba ya kamawa a cikin sito, saboda haka dole manhajar ta yi aiki ko babu intanet, ta aika bayanai daga baya. Wannan shi ne mafi nauyi a cikinsu, ko da yake a bakin Alhaji shi ne mafi sauƙi, tun da ya ce kalkuleta ma ba ta neman data. Nura ya kwana uku yana neman yadda zai sasanta lissafi idan yaron sito da yaron shago suka sayar da turmi ɗaya a wayoyi biyu kafin sabis ya dawo.

Babbar Sallah ta zo ta wuce. A kwamfutar Nura akwai `kwari_final`, akwai `kwari_final_2`, akwai kuma `kwari_final_na_gaskiya`, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da aka fara aiki da shi.

Sai maganar sefa ta taso. Alhaji yana da abokan ciniki daga Maraɗi da Damagaram waɗanda ke biya da kuɗinsu, kuma tun da Babban Banki ya saki naira a tsakiyar watan Yuni, canji ya daina zama wuri ɗaya. Yana son a riƙa rubuta bashin mutanen Nijar da sefa, a nuna shi da naira a kan canjin ranar da aka ɗauki kaya, ko kuma na ranar da aka biya, gwargwadon yadda ya yi magana da kowane mutum. Nura ya ce wannan ba ya cikin abin da suka fara magana a kai. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Haba Injiniya, ai duk lissafi ne. Kai da ka yi digiri?" Kalmar Injiniya ta daɗe tana yi wa Nura daɗi, amma a ranar ya lura cewa ba ta fitowa sai za a ɗora masa sabon kaya.

Ya yi mako uku a kan sefa. Kwana kaɗan bayan ya gama, aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, kuma a farkon Agusta Nijeriya ta rufe iyakarta da Nijar. Mutanen Maraɗi suka ɗauke ƙafa. Alhaji ya kira shi da daddare ya ce a cire wannan sashen gaba ɗaya domin yana rikita yara, a maimakonsa a sa abin da ɗansa Mubarak ya gani a wani shago a Abuja, inda rasit yake zuwa wa mai saye ta WhatsApp da hoton kayan.

Nura bai yi barci ba. Ya lissafa wata uku da ɗoriya, ya raba dubu 100 a kansu, ya cire mai da data da kuɗin adaidaita sahu, abin da ya rage bai kai a faɗa ba. Ya rubuta wa Alhaji dogon saƙo ya goge, ya sake rubutawa ya sake gogewa, domin kowace jimla idan ya karanta sai ya ji muryar kawunsa yana tambayar ko haka aka koya masa magana da manya.

Washegari ya tafi shagon ba tare da ya buɗe kwamfutar ba, ya tarar Alhaji ya fita ɗaurin aure, ya zauna jira kusa da Malam Habu. A karon farko ya kalli cinikin tun daga safe har azahar. Ya roƙi dattijon ya nuna masa littafin, sai ya ga dila da turmi da rabin yadi, da bashi, da ɗigon jan biro a gefen sunayen "namu", da sefa a shafukan baya, duk suna nan a rubuce tun shekaru aru-aru. Ya ji kunya, domin da ya nemi littafin nan a watan Mayu, da fiye da rabin abin da ya kira canjin ra'ayi ya gan shi tun ranar farko. Amma rasit na WhatsApp ba ya cikin littafin, cire sefa ma ba ya ciki.

Ana cikin haka wata mata ta dawo da yadi biyar na shadda da aka yanka mata jiya, ta ce maigidanta ya fi son ruwan toka. Malam Habu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, an riga an yanka. In kina son ruwan toka, sai dai mu yi sabon ciniki." Matar ta yi 'yan ƙananan maganganu, ta biya, aka yanka mata wani.

Da Alhaji ya dawo bayan la'asar, Nura ya gaishe shi har ƙasa, sannan ya miƙa masa takarda mai shafi ɗaya da ya rubuta da biro a kan teburin Malam Habu. A sama ya jera abubuwan da ke cikin littafin shago, ya ce waɗannan laifinsa ne da bai tambaya ba, kuma zai kammala su cikin kwana goma a kan tsohon farashi. A ƙasa ya rubuta abu biyu, kowanne da kuɗinsa da kwanakinsa: cire sefa, dubu 20 da kwana uku, rasit na WhatsApp, dubu 80 da mako biyu.

Alhaji ya karanta sau biyu, ya ɗago. "Yanzu ni za ka kawo wa takarda, Nura? Cirewa ma sai an biya?"

"Allah ya ja da ranka, ba raini ba ne," in ji Nura, muryarsa tana ɗan rawa. "Sashen sefa an riga an yanka shi, an ɗinka shi a jikin lissafin bashi. Idan za a farke, aiki ne sabo. Ɗazu na ga yadda Malam ya yi da wata Hajiya."

Malam Habu ya sunkuyar da kai a kan littafinsa kamar bai ji ba. Alhaji ya dubi akawun nasa, ya dubi yaron, ya daɗe yana jan carbi. Daga bisani ya ce a bar sefa inda take, iyaka ba za ta dawwama a rufe ba, kuma shi bai taɓa biyan kuɗi don a rage masa kaya ba. Ya ɗora yatsa a kan layi na biyu.

"Wannan na Mubarak, dubu 80 ya yi yawa. Hamsin."

"Albarka, ranka ya daɗe."

Alhaji ya yi murmushi a karon farko tun shigowarsa. "To, sittin, kuma sai ka gama na sama na gani da idona."

Nura ya karɓi biron Malam Habu ya soke 80 ya rubuta 65, ya juya takardar. Alhaji ya girgiza kai, ya sa hannu, ya ce wa yaron shago ya kai a yi kwafi biyu a ƙasan bene. Yaron yana kan matakala Alhaji ya gyara zama ya ce, "Af, na manta. Akwai shagona na Sabon Gari, shi ma ina so ya shiga ciki."

Nura ya leƙa ta kan matakalar ya kira yaron ya dawo da takardar, ya shimfiɗa ta a kan littafin Malam Habu, ya ja layi na uku.