Tsarin bidiyon neman taimako na bohol ɗin layinmu, Dorayi

Jama'a ga rubutun nan, duka-duka minti 3 ne kar ya wuce, mutum yana ganin bidiyo ya yi tsawo zai tsallake saboda data. Mai ɗauka ka riƙe wayar a tsaye don status, kuma mu fito ana idar da sallar asuba, lokacin ne layin jarkoki yake cika.

0:00 zuwa 0:15, hoto kawai
Ba kiɗa ba magana. Jarkoki a jere bakin tsohuwar rijiyar masallaci, yaro ya zura guga ya jawo, a matso da kyamara a ga rabinsa laka ne. Ban da fuskar yaran mutane don Allah, hannu da guga sun isa.

0:15 zuwa 0:50, Inna mai ƙosai, a zaune gaban kaskonta
"Assalamu alaikum. Ni dai shekarata 22 a layin nan, da rijiyar nan tana kai mu har damina, yanzu kuwa zafi na shigowa ta ƙafe ƙaf. Gidanmu mu goma ne, jarka 8 muke saye kullum, naira ɗari-ɗari, ka ga 800 kenan tun ba a ɗora tukunya ba. Ranar da 'yan garuwa ba su shigo ba jikokina ne ke tafiya nemowa, kafin su dawo an kaɗa ƙararrawar makaranta."
Kar a gyara mata Hausa, ko ta maimaita a bar ta. Kuma kar kowa ya zagi 'yan garuwa a bidiyon nan, su ma saye suke yi su turo kura cikin rana.

0:50 zuwa 1:05, mai unguwa a filin
"Wannan fili na gefen masallaci magada sun bayar da shi kyauta, ga takarda da sa hannun shaidu. Masu binciken ruwa sun zo sun auna, sun ce akwai ruwa a nan. Abin da ya rage kuɗin aiki ne."

1:05 zuwa 2:05, ma'aji a gaban allo
Nan ne zuciyar bidiyon, shi ya sa ya fi ko'ina tsawo, kowa ya san an sha yin karo-karo a gari kuɗi su bi ruwa, to mutum ba zai sake ciro ko sisi ba sai ya ga lissafi da idonsa. A ari allon Islamiyya a rubuta da alli, manya-manya.
"'Yan uwa ga lissafin. Haƙa miliyan 1 da dubu 600. Samo, wato injin jawo ruwa, da sola miliyan 1 da rabi, mun zaɓi sola ne don kar mu wayi gari muna karo-karon man janareta, wuta kuma kun san halinta. Tanki biyu masu lita 5,000 da ƙarfen ɗora su dubu 800. Bututu, kawunan famfo 6 da siminti dubu 300. Jimla miliyan 4 da dubu 200. Mu 'yan layi mun haɗa miliyan 1 da dubu 350, harda matan adashe da samarin majalisar mai shayi, saura miliyan 2 da dubu 850. Mutum uku ne ke sa hannu kafin a cire kuɗi, ni da mai unguwa da wakiliyar mata, kuma duk Juma'a bayan sallah za mu liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita a bangon masallaci, mu tura hotonsa a gurup."

2:05 zuwa 2:25, Malam liman
"An ruwaito cewa sahabi Sa'adu bin Ubada ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, wace sadaka ce ta fi, ya ce masa shayar da ruwa. Wanda yake neman abin da zai yi wa iyayensa da suka rasu, ga sadakatul jariya a ƙofar gida."
Malam a yi haƙuri, sakan 20 ne, ba tafsiri ba.

2:25 zuwa 3:00, sakatare
"Ba sai mai kuɗi ba. Dubu ɗaya ma karɓa muke, mai buhun siminti ya kawo, mai aikin famfo ya ba mu yini guda. 'Yan layinmu da ke Legas, Abuja da Saudiyya, da ku muke musamman, nan kuka tashi, wannan rijiyar kuka sha. Ga lambar akawun ɗin kwamiti a kwalin nan, in ka tura ka aiko mana da hoton alat a ba ka rasit, mai tsabar kuɗi kuma ya kai gidan mai unguwa bayan la'asar. So muke injin haƙa ya shigo kafin watan Maris. In ba ka da hali ka tura bidiyon nan ga mutum biyar. Allah ya saka da alheri."
Ya ɗaga kwalin ya tsaya cak sakan 8 na ƙarshe ba motsi, don mutane su samu su yi sikirinshot, sai a yanke.