Marsiyyar Kakata

Da sunan Allah nake buɗe wannan marsiyya,
Shi ne Ya ba mu aronki, Kaka, har muka saba,
da wa'adi ya cika kuma Ya karɓi abinSa.
Ba mu da ja a kan hukuncinSa,
sai dai ido ba ya jin rarrashi idan ya tashi zubarwa.

Hannuwanki na fara sani tun kafin in san sunanki.
Jijiyoyi sun taso a bayansu sun yi rassa,
ɗan yatsan dama ya yi kanta saboda turin allura,
kuma komai sanyin asuba tafinki da ɗuminsa
idan kin dafa goshina kina neman zazzaɓin da nake ɓoyewa.

Bakin taga kike zama, inda haske ya fi sauka,
da tabarau wanda ƙafarsa guda ta karye
kika ɗaure ta da baƙin zare, kika ƙi a sayo miki wani,
kina cewa abin da ya yi maka hidima shekara da shekaru
ba a yar da shi a ranar da ya fara gazawa.

A gwangwaninki akwai maɓallan rigunan da suka daɗe da mutuwa,
kin san kowanne, kin san mai shi, kin san yadda ya tsinke.
Wannan na kakanmu ne, wancan na ɗanki da bai yi tsawon rai ba;
shi kam kikan juya shi a tafin hannu ki mayar,
shi kaɗai kika hana hawa rigar kowa.

Ba zan ce ba ki da faɗa ba, don mutanen gida za su ƙaryata ni.
Idan ɗinki ya karkace kikan farke shi tun daga farko
ko da mai kayan yana tsaye yana jira,
haka kuma kike yi wa maganar da aka kawo miki a karkace,
sai an warware ta an miƙe ta kike saurarawa.

Da ido ya fara yi miki gardama sai kika kira ni,
kika miƙo allura da zare ba tare da kin ce komai ba,
na zura, na mayar miki, muka ci gaba da hirarmu.
Tun daga ranar ya zama aikina kowace yamma,
kuma ni da ke ba mu taɓa kiran abin da sunansa ba har rabuwa.

A ɗinkinki na karanta ciwon da kika ƙi faɗa.
Sawun allurar da a da yake tafiya a jere, daidai wa daida,
ya fara faɗi, ya fara kauce wa layi,
har ranar da kika soke ta a gefen matashi kika ce sai gobe,
goben kuwa ta zo ta tarar hannun ba ya ɗaguwa.

Da asuba kika tafi, gari yana cikin sanyi,
hazo ya rufe bishiyar da ke bayan ɗakinki.
Mama ta fito, ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya a ƙofa
riƙe da kofin ruwan da ba ki samu sha ba,
mu kuwa muka gane daga yadda ruwan yake rawa.

Mutane sun cika gidan, sun yi miki addu'a, sun watse.
Aka lulluɓe keken ɗinki da farin ƙyalle,
takalmanki suka ci gaba da kwana a bakin ƙofa
da shatin ƙafarki a ciki, dunduniyar hagu ta fi cinyewa,
kowa ya kewaye su ya wuce, an rasa mai ɗaukewa.

Muryarki ce abin da ya fi ba ni tsoro,
domin kalmominki suna nan, na haddace su tsaf,
amma idan na nemi sautin da kike furta su da shi,
da 'yar dishewar nan da takan zo kafin dariyarki,
sai in ji kullum yana ƙara nisa, kamar kira daga hayin kogi ana ambaliyar ruwa.

Kin bar mini rigar da ba ki gama ba, hannu ɗaya babu.
Kin yanka ta da girma, ta wuce kafaɗata nesa,
da na yi ƙorafi kika ce in yi haƙuri, zan cika ta.
Ashe kin auna ni da shekarun da kika san ba za ki gani ba,
kika yanka, kika ɗinka, fuskarki ba ta nuna wata damuwa.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka da hannuwan da suka gaji.
Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata makwancinta,
Ka mayar mata da hasken idon da ya dushe a hidimarmu,
Ka sada ta da mijinta da ɗan da ta daɗe tana kewa,
mu kuma Ka ba mu haƙuri, idan tamu ta zo Ka sa mu cika da kyakkyawa.